Ido ya san kima, amma bai san zafin mai ba

Assalamu alaikum, 'yan'uwana mata, barkanmu da safiya. Kafin mu kunna wuta yau ku ɗan ajiye wuƙaƙe ku matso kusa, akwai abu biyu a kan teburin nan da nake so mu yi magana a kansu. Na farko wannan ɗan ƙarfen mai tsini kamar tsinken tsire, da ɗan allo a kansa, shi ne ma'aunin zafin abinci. Na biyu kowacce a cikinku ta zo da shi a jakarta, wato agogon wayarta, wanda ake saita masa minti ya yi ƙara idan sun cika.

Na san abin da wasunku ke faɗa a zuci, domin jiya ma wata Hajiya a ajin yamma ta faɗa mini a fili. Ta ce, "Malama, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Kakata ta shekara arba'in tana tuyar ƙosai ba ta taɓa ganin wannan ƙarfen ba." Gaskiya ta faɗa, kuma ba na raina wannan ilimin. Sai dai ku duba yadda kakar ta same shi. Kasko ɗaya take amfani da shi, murhu ɗaya, itace iri ɗaya, ƙulli kwano ɗaya, a lokaci ɗaya kullum safiya. Idonta da hannunta sun haddace wannan kaskon. Ku kuwa yau kuna kan gas, gobe gas ya ƙare kun koma gawayi, jibi an kira ku aikin biki a wani gida an ba ku kaskon da ba ku taɓa gani ba. Sannan ilimin kakar ba ya miƙuwa da baki. Idan ta ce "ki bari man ya yi zafi sosai", ita ta san abin da take nufi, jikarta kuma sai ta ƙona tuya da yawa kafin ta gane. Amma idan na ce miki digiri 180, abin da nake nufi a nan shi za ki samu a kicin ɗinki, ko kina Fagge ko kina Hotoro.

Mu fara da mai, domin a nan ido ya fi yaudarar mai girki.

Ruwa ba ya ɓoye zafinsa. Idan ya kai wajen digiri 100 sai ya tafasa, ki gan shi yana ɓararraka, kuma duk wutar da za ki ƙara masa ba zai wuce nan ba. Mai ba haka yake ba. Man da ke digiri 140 da wanda ke digiri 200 kusan kamanninsu ɗaya a kasko, duka a kwance suke suna sheƙi. Kumfar da kike gani idan kin saka tuya ba man ba ne yake tafasa. Ruwan da ke jikin abincin ne yake zama tururi yana fita. Shi ya sa gwajin da muka saba yi, na jefa ɗan ƙulli ko yankan albasa a gani ko zai taso, ba ya gaya mana abin da muke bukata. Ƙullin zai taso a man da bai gama zafi ba, zai kuma taso a man da ya wuce ƙima. Abin da ya tabbatar kawai shi ne man ya ɗau zafi, amma bai faɗi ko nawa ba. Tsakanin zafin da ke sa fanke ya sha mai da wanda ke ƙona shi kuwa tazarar digiri talatin zuwa arba'in ce kacal.

Ga abin da ke faruwa a cikin kaskon. Idan kwaɓin ya faɗa a mai mai zafin da ya dace, nan da nan bayansa yake bushewa ya yi ɓawo, yayin da zafin ke ratsawa a hankali zuwa tsakiya. Ayyuka biyu ne ke tafiya tare, soyuwar baya da nunar ciki, kuma so ake su gama a lokaci guda. Idan man ya yi ƙasa, a ce digiri 150, ɓawon ba ya samuwa da wuri. Fanken zai daɗe yana iyo, ya fito fari-fari, ki matsa shi mai ya biyo yatsunki. Idan man ya haura 195 kuma, baya ne zai riga ciki. Cikin minti biyu zai yi ja mai kyau, ido ya ce miki ya yi, ki kwashe, a gutsira a tarar da ɗanyen kwaɓi a tsakiya.

Wannan na biyun ya taɓa faruwa da ni, kuma har yau ina jin zafinsa. Farkon fara sana'ata aka ba ni aikin fanke na suna. Lokacin hunturu ne, na fito da kurfoti tsakar gida, iska tana ta hura gawayin ban lura da yadda wutar ke ƙaruwa ba. Launinsa ya yi kyau ƙwarai, na zuba a kula na aika. Da yamma aka dawo mini da kusan rabi, cikinsa duk bai nuna ba. Asarar fulawa da mai ba ta dame ni kamar yadda kunyar mai jego ta dame ni ba, domin ita ce ta yarda da ni ta ba ni aikin. Kwaɓin ba shi da laifi ko kaɗan. Wuta ce ta canja, ni kuma ba ni da abin da zai gaya mini.

To bari in bi da ku aikin daki-daki yadda nake yin sa yanzu. A ce an ba ki odar fanke guda 300, kowanne kamar girman ƙwan kaza. Ki zuba mai lita uku a kasko mai zurfi, kada ya wuce rabin kaskon. Ki goge tsinin ma'aunin ya bushe sarai, saboda ɗigon ruwa ɗaya yana sa mai ya fantsama. Ki juya man da matsami tukuna don zafinsa ya haɗu, sannan ki tsoma tsinin a tsakiyar man. Kada ya taɓa gindin kaskon, domin ƙarfen da ke kan wuta ya fi man zafi, zai ba ki lambar da ba ta man ba. Ki jira lambar ta tsaya. Idan ta kai 180 sai ki fara sakawa.

Ki saka guda goma sha biyu, ki sake aunawa. Za ki ga lambar ta faɗo zuwa wajen 160 ko 165, domin kwaɓin mai sanyi ya zuƙe zafin. Wannan faɗuwar ita ce dalilin da ya sa muke fara sakawa a 180 alhali tuyar kanta a 170 zuwa 175 muke so ta kasance. Idan kin ga ta faɗo ƙasa da 155, kin cika kaskon da yawa, ki rage a zubi na gaba. Da zarar na ƙarshe ya shiga ki danna agogo. A zafin nan fanke mai wannan girman yana ɗaukar minti huɗu zuwa biyar, kina juya shi. Zubin farko shi ne malaminki: ki ciro guda ɗaya, ki soka masa tsinin har tsakiya. Idan ya nuna 90 zuwa 95, cikin ya nuna. Ki raba shi biyu ki gani da idonki. In minti huɗu da rabi ne ya ba ki haka, to kin samu lissafinki na ranar, sauran zubin duk a kan minti huɗu da rabi za su tafi.

Akwai wani mataki da gaggawa ke sa a tsallake. Bayan kin kwashe, kada ki zuba sabo nan take. Ki bari man ya koma 180, wanda kan ɗauki minti ɗaya zuwa biyu gwargwadon ƙarfin wutarki. Masu tsallake wannan su ne za ki ji suna cewa tuyar farko ta yi kyau amma ta ƙarshe ta sha mai. Kowane zubi yana shiga man da ya fi na baya sanyi, har a wayi gari ana tuya a 145 ba a sani ba. A kan gawayi kuma sau da yawa akasin haka ake samu, garwashin yana ƙara ruruwa, man yana hawa. Shi ya sa mai gawayi ta fi mai gas bukatar ma'auni. Ita ba ta da abin murɗawa, sai dai ta zare garwashi ko ta sauke kaskon na ɗan lokaci, kuma lambar ce za ta gaya mata yaushe.

Yanzu ku yi lissafi tare da ni. Fanke 300, goma sha biyu a kowane zubi, zubi 25 ke nan. Kowane zubi minti biyar na tuya da biyu na jira, bakwai ke nan. Bakwai sau 25 ya ba da minti 175, wato awa uku ba minti biyar. Idan an ce a kawo da ƙarfe goma na safe, kin san ƙarfe bakwai ya yi miki latti da kasko ɗaya, ko dai ki fara tun shida da rabi, ko ki ɗora kasko biyu ki gama a awa ɗaya da rabi. Wadda ba ta san mintocinta ba, ƙarfe tara za ta gane lokaci ya ƙure, sai ta ƙara wuta ta cika kasko, ta haɗa kurakuran nan biyu a tuya ɗaya.

Ku riƙe wannan da kyau: agogo ba ya aiki shi kaɗai. Minti huɗu da rabi yana da ma'ana ne kawai idan zafin man da girman fanken ba su canja ba. Idan kika ƙara girman curin, ko wuta ta sauka, lissafin ya rushe. Shi ya sa idan kin ga an rubuta "a soya na minti biyar" ba a faɗi zafin man ba, rabin bayani aka ba ki. Haka kuma akwai inda agogo tuni kawai yake yi miki, ba shi ke yanke hukunci ba. Tashin kwaɓi misali ne. Kwaɓin da zai ninka cikin ƙasa da awa ɗaya a watan Afrilu yana iya cin awa biyu a sanyin Janairu, saboda yis da ɗumi yake aiki. A nan sai ki saita agogo don ya tuna miki ki je ki duba, idonki kuma ya duba ko ya ninka. Abin da za ki auna shi ne ruwan kwaɓin: digiri 35 zuwa 40 ya wadatar. Idan ya kusa 60 yis ɗin mutuwa yake yi, ki yi ta jiran tashin da ba zai zo ba, ki ɗora wa mai shago laifin sayar miki da tsohon yis.

Game da mai, abu ɗaya ya rage. Idan ya fara hayaƙi ya riga ya fara lalacewa, ɗanɗanonsa zai yi ɗaci, kuma hanyar kamawa da wuta ya ɗauka. Man gyaɗa na gida wanda ba a tace a kamfani ba yana saurin hayaƙi fiye da tatacce, haka ma man da aka yi tuya da shi sau da yawa. In Allah ya kiyaye ya kama, ki kashe wutar ki rufe kaskon da murfin ƙarfe. Kada ki kuskura ki watsa ruwa, domin ruwan zai zama tururi nan take ya watsa man mai wuta a jikinki da kicin ɗin.

Mu koma kan kaza. A fanke idan kin yi kuskure kuɗi da mutunci ne suka taɓu, a kaza kuwa lafiyar mutane ce. Ɗanyar kaza tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su salmonela, masu kawo gudawa da amai da zazzaɓi, kuma sun fi yi wa yara ƙanana da tsofaffi da masu juna biyu illa. Zafi ne ke kashe su, adadin da ake nema kuwa shi ne tsakiyar naman ya kai digiri 74. Tsakiya na ce, ba fata ba. Ki soka tsinin a inda cinya ta fi kauri, kusa da gaɓa, amma kada ya taɓa ƙashi. Ki gwada yanka biyu ko uku, ki zaɓi mafi girma a cikin kaskon, domin shi ne na ƙarshe da zai nuna.

Mun saba cewa idan babu ja a jikin ƙashi kaza ta dahu. Wannan alamar tana yin ƙarya ta fuska biyu. Kajin gidan gona ƙanana ne ake yankawa, ƙashinsu bai gama ƙwari ba, don haka launin ɓargo yana ratsowa ya rina naman da ke kusa, musamman idan kazar ta kwana a firiza. Za ki ga ja-ja a gindin ƙashi alhali naman ya wuce 74 tuntuni. Mai bin ido sai ta mayar da shi mai ta yi ta soyawa har tsokar ƙirji ta bushe kamar ƙirare. Ta ɗaya fuskar kuma, yankan da aka ciro daga firiza bai gama saki ba aka jefa a mai ko aka ɗora a gashi, bayansa zai yi ja mai ban sha'awa, cikinsa kuwa ko 55 bai kai ba. Yawancinmu muna tafasa kaza kafin mu soya, kuma wannan ɗabi'a ce mai kyau da ke rufe mana asiri. Haɗarin ya fi yawa a gasasshiyar kaza ta oben ko ta kan waya, da wadda ake turbuɗawa a fulawa a soya ɗanya, irin wadda ake yayi yanzu.

Na'am Hajiya, ina jin ki. Tambayarta ita ce, kazar Hausa fa, wadda sai an daɗe ana dafawa? Madalla da wannan tambaya. Digiri 74 magana ce ta kariya daga cuta, ba ta laushi ba. Kazar Hausa ta yi yawo, jijiyoyinta sun yi ƙarfi, tana iya kai 74 amma haƙori ya kasa ta. Jijiya ba ta narkewa sai ta daɗe a cikin zafi da danshi. A nan ma'auni ya gama aikinsa da wuri, saura na agogo ne da cokali mai yatsu. Ko a kazar gidan gona ma, cinya ta fi daɗi idan ta kai 80 zuwa 85, ƙirji kuwa da ya taɓa 74 ki cire shi.

Sai maganar da ba a cika yi ba, kuma a ganina ta fi duk wanda na faɗa nauyi ga masu aikin biki: abin da ke faruwa bayan an sauke tukunya. Tsakanin digiri 5 da digiri 60 ƙwayoyin cuta suke hayayyafa a abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a zafin ɗaki. Mu kuwa a Kano bazara tana kai mu digiri 40, don haka a irin wannan zafin awa ɗaya ake ba shi. Ku tuna yadda muke yi: a dafa shinkafa da sassafe, a zuba a kula, a ce ai tana da ɗumi, ba za a raba ba sai bayan la'asar. Ɗumin da hannu ke ji yana iya zama 45, wanda shi ne daidai abin da ƙwayoyin ke so. Shinkafa kuma tana da wata ƙwaya da ke jure dahuwa, idan ta samu ɗumi da lokaci sai ta saki guba, gubar nan kuwa ɗumame ba ya kashe ta. Ba lallai shinkafar ta yi tsami ko yauƙi ba, hanci da harshe ba za su gane ba. Don haka ki ɗauraye kular da tafasasshen ruwa kafin ki zuba, ki zuba abincin da zafinsa, ki cika ta, ki rubuta lokacin a ɗan takarda ki manna a murfi. Kafin a raba ki soka ma'auni a tsakiya da kuma gefe. Muddin yana sama da 60 kina cikin aminci. Daga lokacin da ya sauko ƙasa, agogo ya fara ƙirga. In kin san rabon zai yi nisa, gara ki ja lokacin girkin baya, ko ki raba shi kashi biyu.

Shi kansa ma'aunin sai an gwada gaskiyarsa. Ki cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara, ki zuba ruwa kaɗan, ki juya, ki tsoma tsinin. Sifili ya kamata ya nuna. Sannan ki gwada a ruwan da ke tafasa. Kada ki tsorata idan kin ga 98 ko 99 maimakon 100, domin Kano tana kan tudu kusan mita 500 sama da teku, kuma ruwa yana tafasa da ɗan wuri a kan tudu. Idan ya kauce da fiye da digiri biyu, ki canja batir ki sake gwadawa, in bai gyaru ba ki nemi wani.

Wajen saye ki nemi mai tsini, ki duba kwalin ki tabbatar yana auna har 200 ko sama. Ma'aunin zazzaɓi na kemis ba ya wannan aikin, iyakarsa wajen 42, na gilashi kuma yana iya fashewa a cikin abinci. Wanda ake haskawa daga nesa kamar bindiga saman abu kawai yake karantawa, ba ya ganin cikin cinya. Ki kuma lura da harafin da ke kusa da lambar. Duk adadin da na faɗa yau na C ne, wato Salshiyas. Idan yaro ya danna madannin ya koma F, wato Farenhait, za ki ga 180 alhali man bai wuce 82 ba, fankenki ya nutse ya kwanta a gindin kasko. Akasin haka ya fi haɗari: ki ga 350 a wani bidiyon girki na Amurka, wanda F ne, daidai da 177 a namu, ki ce za ki kai mai 350 a C. Tun kafin ya isa can zai turnuƙe da hayaƙi, yana kuma iya kamawa da wuta. Kuma duk sanda tsinin ya shiga naman da bai nuna ba, ki wanke shi da sabulu da ruwan zafi kafin ya sake shiga wani abinci.

To, ku rabu gida uku. Rukuni na farko ku ɗauki kaskon gas, na biyu da na uku ku ɗauki kurfoti. Kowane rukuni ya ware mutum ɗaya mai riƙe ma'auni da ɗaya mai riƙe waya da biro. Kafin a tsoma tsinin ina so kowacce ta kalli man ta faɗi lambar da take zato, a rubuta, sannan a auna a rubuta ta gaskiya a gefenta. Zubi uku za ku yi, ɗaya a 150, ɗaya a 175, ɗaya a 195, ku ajiye mini guda biyu daga kowanne a faranti daban, za mu raba su mu duba cikinsu tare. Ke da ke kusa da taga, ɗauko mana kwaɓin mu ga ko ya ninka.